Ship ko sheep? Yadda za ka gane wasulan Turanci a tambayoyin oral ba tare da canki-canka ba

Duk wanda ya taɓa riƙe takardar oral ta WAEC ko NECO ya san wajen da ake fara zufa, wato inda za a ba ka kalma ɗaya a ja layi ƙarƙashin wani harafi, a ce ka nemo wadda sautinta ya yi daidai da shi a cikin zaɓi huɗu, ko a ce wacce ce ta yi amsa-amo da ita, ko kuma irin ta JAMB da za a jera maka kalmomi huɗu a ce ciro wadda wasalinta ya fita daban. A WAEC takardar oral tambaya 60 ce cikin minti 45, kenan kowace tambaya daƙiƙa 45 kake da ita, kuma babu wanda zai furta maka komai, daga kai sai takarda sai abin da ke cikin kanka. To abin da ke cikin kan naka shi nake so mu gyara, domin yawancin yaranmu da ke faɗuwa a nan ba rashin karatu ba ne, bakinsu ne yake furta kalma biyu iri ɗaya, in kuwa baki ya haɗe su to ido ba zai iya raba su a takarda ba.

Mu fara da abin da kake da shi tun daga gida

Bahaushe ya fi mutane da yawa a ƙasar nan sa'a a wannan fanni, kuma ina so ka yarda da wannan tun yanzu don gaskiya ce. Hausa tana da gajeren wasali da dogon wasali, rubutun boko ne kawai ba ya nunawa. Faɗi waɗannan da ƙarfi ka saurari kanka: na cinye duka, sannan ya sha duka. Fito waje, sannan yaro yana fito da baki. Suna zuwa, sannan an raɗa masa suna. Baƙi ƙirin, sannan mun yi baƙi. Rubutu ɗaya ne amma ba ka taɓa rikicewa ba, na farko gajere na biyu dogo, kunnenka ya san wannan tun kana ɗan shekara uku.

To *ship* da *sheep* kusan haka suke. Wasalin *ship* shi ake rubutawa /ɪ/, yana kusa da wanda kake yi a farkon fito ta fitowa waje, ko a ciki, ko a bincike. Wasalin *sheep* kuma /iː/ ne, ɗigo biyun nan alamar tsawo ce, yana kusa da na farkon kifi, riga, nisa, liman.

Sai ka ce to in haka ne me ya sa muke faɗuwa? Ga dalilin, kuma in ka gane shi ka gane rabin darasin. Hausa ba ta yarda dogon wasali ya zauna a gaɓar da baƙi ya rufe ta ba. Da zarar baƙi ya zo ya rufe gaɓa, sai wasalin ya gajarce da kansa ba tare da ka sani ba. Ka ce kifi, wasalin ƙarshe dogo ne, yanzu ka ce kifin, ka ji ya tsuke. Ka ce gida sannan ka ce gidansa, haka. Wannan ƙa'idar ce bakinka yake ɗorawa a kan Turanci, shi kuwa Turanci cike yake da dogon wasali a rufaffiyar gaɓa: *sheep*, *seat*, *feel*, *leave*, *beat*. Baki na ganin baƙi a ƙarshe sai ya datse wasalin, *sheep* ta koma *ship*, *leave* ta koma *live*, *feel* ta koma *fill*. Kalmomin da muka aro ma sun nuna haka, *machine* mai dogon wasali a ƙarshe ta dawo mashin, *receipt* ta dawo rasit, *chief* ta dawo cif kamar a cif joji. Inda tsawon ya tsira kuwa sai da muka ƙara wasali a ƙarshe muka buɗe gaɓar, *card* ta zama kati, *court* ta zama kotu.

Saboda haka kuskuren Bahaushe kusan kullum hanya ɗaya yake bi: yana maida dogo gajere. Da wuya ka ji ya maida gajere dogo. Wannan yana da amfani a ɗakin jarabawa, domin in ka furta kalmomi huɗu a zuci ka ji duk gajeru ne, to ka zargi cewa ɗaya daga ciki doguwa ce bakinka ya yanke ta.

Mataki na farko: koya wa baki riƙe tsawo ko da baƙi ya biyo

Dabarar mai sauƙi ce. Ka fara da kalmar da ba ta da baƙi a ƙarshe, wadda bakinka ba ya wahala da ita, sannan ka liƙa baƙin daga baya ba tare da ka taɓa wasalin ba. Ka ce *she*, ka ja ta sosai, sai ka rufe leɓe a ƙarshe, ta zama *sheep*. Ka ce *sea* ka ƙara t, *seat*. *Fee* sai *feel*. *Bee* sai *beat*. *Key* sai *keep*. Da farko ka yi ta da wuce gona da iri, ja wasalin kamar daƙiƙa biyu, ba komai, ai ba hira kake da Bature ba, horar da baki kake. Daga baya ka rage.

Sannan ka dawo ka yi su biyu-biyu, gajere da dogo a jere: *sit* da *seat*, *bit* da *beat*, *fill* da *feel*, *live* da *leave*, *slip* da *sleep*, *rich* da *reach*, *hit* da *heat*, *still* da *steal*.

Amma akwai abin da ba a cika faɗa wa ɗalibai ba, tsawo kaɗai ba shi ne bambancin ba. A bakin masu harshen, dogon wasali yana ɗan raguwa in baƙin da ya biyo shi marar ziza ne irin p, t, k, s, shi ya sa *seat* ba ta kai *seed* tsawo ba duk da wasalinsu ɗaya ne. In ka dogara da tsawo kawai za ka saurari ƙamus ɗin waya yana cewa *seat* ka ce ai gajere ne. Abin da ba ya canzawa shi ne yanayin baki. A /iː/ leɓe yana bajewa kamar za ka yi murmushi, harshe ya hau sama can gaba, kana jin tsokar kumatu ta ɗaure. A /ɪ/ baki a sake yake, harshe ya ɗan sauko, muƙamuƙi ya ɗan buɗe. Tsaya gaban madubi ko ka kunna kamarar gaba ta wayarka ka ce *ship* sannan *sheep*, in fuskarka ba ta canza ba tsakanin biyun to har yanzu abu ɗaya kake faɗa.

Hanyar gwada kanka kuma ita ce ka rubuta kalmomi goma a cakuɗe, wasu gajeru wasu dogaye, ka naɗi muryarka kana karanta su, ka ajiye takardar, washegari ka kunna ka rubuta abin da ka ji. In kai kanka ba ka iya bambance *fill* ɗinka da *feel* ɗinka ba, to aiki bai ƙare ba. In ka ci takwas ko tara cikin goma ka wuce mataki na gaba.

Mataki na biyu: daina yarda da harafi

Nan ne masu tsara tambaya suke cin kasuwarsu. Mu a Hausa mun saba abin da aka rubuta shi ake karantawa, i kullum i ne, u kullum u ne. Turanci kuwa harufan wasali biyar ne amma tsantsar wasulan da ake furtawa 12 ne, ga kuma tagwaye 8, jimla 20, to dole harafi ɗaya ya ɗauki aiki da yawa, sauti ɗaya kuma a rubuta shi ta hanyoyi daban-daban. Mai tsara tambaya ya san haka, shi ya sa yakan saka maka zaɓin da ya yi kama da kalmar a ido don ka faɗa, amsar gaskiya kuma takan zo da rubutun da ba ka zata ba.

Dogon /iː/ yawanci yana zuwa da ee ko ea, wannan kowa ya sani, *green*, *meat*. Yana kuma zuwa da ie a *field*, *chief*, *believe*, da ei a *receive*, *seize*, *ceiling*, da e wanda baƙi ya biyo shi sannan wani e a ƙarshe kamar *these*, *scene*, *complete*. Waɗanda ke kayar da mutane su ne masu harafin i amma sautinsu dogo ne: *police*, *machine*, *fatigue*, *unique*. Sai 'yan tsirarun da sai dai ka haddace su kawai, *people*, *key*, *quay*, *amoeba*, *foetus*. Wannan *quay* ɗin ka riƙe ta da kyau, daidai take da *key* a furuci babu bambanci ko kaɗan, kuma irin kalmar da masu tambaya ke so ce.

Gajeren /ɪ/ kuma ban da i na *sit* da y na *myth* ko *symbol*, yana ɓoye a wuraren da ba ka tsammani. *Busy* da *business* u ne a rubuce amma /ɪ/ ake faɗa. *Women* o ne a rubuce amma gaɓar farko /ɪ/ ce, ba kamar *woman* ba. *Pretty* e ne amma /ɪ/ ce, haka *England* da *English*. *Build* da *guilt* da *biscuit* ui ne. Ƙarshen *village*, *manage*, *cottage* ma /ɪ/ ne, ba kamar *age* ake faɗarsa ba duk da haka mutanenmu da yawa ke yi. Sai *sieve*, wadda ta yi kama da *believe* a ido amma ita da *give* take tafiya.

Kada ka ce za ka haddace ƙamus. Waɗannan fanɗararrun ba su da yawa, su ne dai ake ta juyawa, ka ware shafi biyu a littafinka, ɗaya na /ɪ/ ɗaya na /iː/, duk kalmar da ta ba ka mamaki a tsofaffin tambayoyi ka duba alamarta a ƙamus ka rubuta ta a shafinta. Masu rubutu na yau da kullum irin *sit* da *green* ba sa buƙatar shiga, fanɗararru kawai.

Ina so in ɗan tsaya a kan ea don ita ce ta fi kowa yaudara. A *meat*, *leave*, *teach* dogon /iː/ ce. A *head*, *bread*, *dead*, *breath*, *weapon*, *meant* kuwa /e/ ce irin ta *bed*. A *break*, *great*, *steak* tagwai ce /eɪ/ irin ta *day*. In r ya biyo ta kuma sai lamarin ya ƙara watsewa, *heart* daban, *heard* daban, *fear* daban, *bear* daban. Don haka duk lokacin da ka ga ea a zaɓi biyu ko uku na tambaya ɗaya ka san da gangan aka yi, ka furta kowace ita kaɗai.

Mataki na uku: tambayar ciro wadda ta fita daban

Ga yadda nake so ka yi ta. Kada ka kwatanta kalmomin da junansu kai tsaye, nan ake rikicewa domin baƙaƙen da ke kewaye da wasalin suna ɗauke hankali. Ka samu kalmomin awo waɗanda ka tabbatar da su ɗari bisa ɗari, *sit* don /ɪ/, *see* don /iː/, *bed* don /e/, sai ka ɗauki kowane zaɓi ka auna shi da su, kamar yadda mai awon hatsi yake da mudu ɗaya da yake auna na kowa da shi. Mu gwada.

A. busy  B. women  C. people  D. pretty

A ido babu biyun da suka yi kama, u, o, eo, e, don haka harafi ba zai taimake ka ba sam. Ɗauki A, gaɓar da ake dannawa ita ce ta farko, ka furta ta ita kaɗai sannan ka ce *sit*, sun dace, ka rubuta ɪ a gefe da fensir. B, gaɓar farko, in ka haddace shafinka ka san ɪ ce. Yanzu kana da biyu iri ɗaya, kenan ka riga ka san sautin da rinjaye yake kai, saura ka nemo wadda ta saɓa tsakanin C da D. *Pretty* tana shafin /ɪ/. *People* gaɓarta ta farko da *see* take tafiya. Amsa C. Ka lura da tarkon, wanda bai san *pretty* ba zai ga e ya ce ai irin na *bed* ne ya zaɓi D, wanda kuma yake karanta *women* kamar *woman* zai zaɓi B.

Ga wata:

A. field  B. seize  C. friend  D. police

Nan ido zai ce maka D ce ta fita daban don ita kaɗai ce ba ta da ie ko ei. Wannan shi ne abin da ake so ka yi. Auna su. *Field* tana tafiya da *see*, *seize* haka, *police* gaɓarta ta biyu ce ake dannawa kuma doguwa ce, ita ma *see*. *Friend* kuwa da *bed* take tafiya, tana amsa-amo da *send*. Amsa C. Abin lura a nan shi ne *field* da *friend* rubutunsu ɗaya a tsakiya, kuma sau da yawa in ka ga biyu masu rubutu iri ɗaya a irin wannan tambayar to ɗaya daga cikinsu ce amsar. Ba doka ba ce, kada ka rufe ido ka bi ta, amma wuri ne mai kyau na fara bincike in lokaci ya ƙure.

Wani abu kuma, in kalma tana da gaɓa biyu ko uku kuma ba a ja layi ba, wasalin gaɓar da ake dannawa ake nufi galibi. In an ja layi kuwa to inda aka ja kawai za ka duba, ko da gaɓar mai rauni ce. Yara da yawa suna asarar maki don sun auna gaɓar farko alhali layin yana ƙarƙashin ta biyu.

Mataki na huɗu: amsa-amo

Amsa-amo a Turanci ya fi abin da muka saba a waƙa tsauri. A waƙar Hausa in baitoci sun ƙare da gaɓa iri ɗaya, a ce duk da ba ko duk da na, an yi ƙafiya. A jarabawar oral kuwa sai komai ya dace tun daga wasalin ƙarshe da ake dannawa har zuwa ƙarshen kalma, wasalin da duk baƙaƙen da suka biyo shi. Abin da ya gabaci wasalin ba ruwanka da shi. Don haka aiki biyu za ka yi, ka yanke kan kalmar ka jefar, ka auna wasali, sannan ka auna wutsiya.

sieve
A. leave  B. give  C. believe  D. five

Yanke s ɗin farko. Abin da ya rage /ɪv/ ne. Duk zaɓin huɗu da v suka ƙare don haka wutsiya ba za ta raba gardama ba, wasali ne zai raba. *Leave* da *believe* dukansu /iːv/ ne, kuma wannan kansa alama ce, tunda amsa ɗaya ce tak ba zai yiwu biyun su zama daidai ba, sai ka soke su tare ko da ba ka tabbatar da *sieve* ba. *Five* tagwai ce /aɪ/. Saura *give*. Wannan dabarar soke biyu masu sauti ɗaya ka riƙe ta, tana ceto sosai.

Ga wadda wutsiya ce ke yanke hukunci:

please
A. peace  B. seize  C. his  D. cease

Yanke pl, saura /iːz/. *His* tana da z a furuci amma wasalinta gajere ne, ta fita. Sauran ukun duk dogon wasali gare su, wanda ya tsaya a wasali kawai zai tsaya yana kallonsu. *Peace* da *cease* da s suka ƙare, *seize* da z. Amsa B. In kana shakka ɗora yatsa a maƙogwaro ka ja sautin ƙarshe, z yana sa maƙogwaro karkarwa, s ba ya sawa. Irin wannan ne tsakanin *breath* da *breathe*, wasali ya bambanta baƙin ƙarshe ma ya bambanta, da *leaf* da *leave* inda wasali ɗaya ne wutsiya ce ta raba.

Harufan da ba a furtawa su ma ka cire su kafin ka auna. *Receipt* p ɗinta shiru ne, don haka tana amsa-amo da *seat* da *defeat* da *complete*, ba da *script* ba. Kuma kalmar da furucinta ya zo daidai da wadda aka bayar baki ɗaya, kamar *key* da *quay*, ko *scene* da *seen*, ana karɓarta a matsayin amsa, kada ka guje ta don ka ga ta yi daidai da yawa.

Akwai kalmomin da ke da furuci biyu, *live*, *read*, *lead*, *minute*, *wind*, *tear*. In ɗaya ta fito a zaɓi ka gwada duka biyun, sauran zaɓin ne za su nuna maka wanda ake nufi. In an jera *read* da *head* da *said* da *bead* aka ce ciro ta daban, to *read* ta abin da ya wuce ake nufi, mai sautin *red*, amsa kuma *bead*, don in ka karanta ta da dogon wasali sai su zama biyu da biyu, tambayar ta lalace.

Ɗauki wannan hanyar ka kai ta kan u

Matsalar *full* da *fool*, *pull* da *pool* ita ce dai ta *ship* da *sheep*, dalili ɗaya magani ɗaya. Gajeren /ʊ/ kamar duka ta gaba ɗaya, dogon /uː/ kamar duka ta bugu. Fara da buɗaɗɗiyar kalma, *too* sai *tool*, *who* sai *whom*, *sue* sai *soup*. Kalmomin awonka su zama *put* da *too*.

Tarkon nan oo ne. Muna ganin o biyu mu ɗauka dogo ne, alhali kusan duk masu ƙarewa da ook gajeru ne, *book*, *look*, *cook*, *took*, sannan ga *good*, *wood*, *stood*, *foot*, *wool* su ma gajeru. *Food*, *mood*, *school*, *boot* dogaye ne. *Blood* da *flood* kuwa ba sa cikin ko ɗaya, da *mud* suke amsa-amo. Shi ya sa tambaya irin *wood*, *could*, *food*, *put* amsarta *food* ce, ita da ta fi kama da *wood* a ido. Ka ƙara *wolf*, *woman*, *sugar*, *bush*, *should* a shafin gajeru, ka ƙara *tomb*, *womb*, *move*, *shoe*, *fruit* a shafin dogaye. *Tomb* da *comb* da *bomb* rubutunsu ɗaya amma wasali uku ne daban-daban, babu biyun da ke amsa-amo.

Inda Hausa ba za ta taimake ka sosai ba shi ne dangin a. *Cat*, *cut*, *cart*, mu duk a muke ji, su kuwa /æ/ da /ʌ/ da /ɑː/ ne. Mutanen kudu sukan karkata *cut* zuwa o ta yi kama da *cot*, mu a arewa mukan karkata ta zuwa a ta yi kama da *cat*, kowa da inda yake zamewa, don haka in kana karatu da littafin da aka rubuta da ɗan kudu a zuciya za ka ga yana ta gargaɗi a kan abin da ba shi ne matsalarka ba. Abin da zai fi maka amfani a takarda shi ne ka san /ʌ/ yana son ɓoyewa a bayan o da ou: *love*, *come*, *son*, *money*, *mother*, *country*, *young*, *rough*, *enough*. In aka ba ka *blood*, *love*, *cough*, *rough*, ukun /ʌ/ ne, *cough* ce ta fita don wasalinta na *pot* ne, tana amsa-amo da *off*. Wannan dangin yana buƙatar zamansa na musamman, kada ka haɗa shi da na i da u a mako ɗaya, za su cakuɗe maka.

Game da ƙamus, jarabawar furucin Birtaniya take bi, don haka in ƙamus ɗin wayarka ya nuna furuci biyu ka danna na Birtaniya, kuma ka kalli alamar da aka rubuta tsakanin sanduna biyu, kada ka tsaya a sauraro kawai. Wannan ya fi muhimmanci a kalmomi irin *leisure*, wadda a Birtaniya /e/ ce tana amsa-amo da *pleasure*, a Amurka kuwa galibi da dogon /iː/ ake faɗarta, in ka saba jin ta a finafinai za ka iya zaɓar kuskure kana ganin ka yi daidai. Haka *clerk*, a Birtaniya da *dark* take amsa-amo.

Tsarin da nake ba da shawara shi ne mako guda a kan /ɪ/ da /iː/ kaɗai, minti 15 kullum, biyar na furta biyu-biyu da ƙarfi, biyar na karanta shafin fanɗararru, biyar na tsofaffin tambayoyi kana rubuta alamar sauti a gefen kowane zaɓi ba wai amsar kawai ba. Duk tambayar da ka faɗi ka duba wanne ne cikin uku ya kayar da kai: bakinka ne ya gajarce dogo, ko ido ne ya bi harafi, ko ka manta wutsiya. In na farko ne ya fi yawa koma madubi da naɗar murya, in na biyu ne shafinka bai cika ba tukuna, in na uku ne ka riƙa yanke kan kalma da fensir kafin ka kalli zaɓi. Mako na biyu sai ka shiga /ʊ/ da /uː/, na uku dangin a. A ɗakin jarabawa kuma ba za a bar ka ka ɗaga murya ba amma babu wanda zai hana ka motsa leɓe, to ka saba tun a gida da furta kalma ba sauti kana jin ko leɓenka ya baje ko ya saki.